Yadda ake shirya saƙon murya na neman aure idan wadda kake so tana nesa

Saƙon murya ba ya ɗaura aure, ba ya kuma zama baiko. A Kaduna, ko a Tudun Wada kake ko a Malali, neman aure aikin magabata ne. Kawunka ko baffanka ne zai je ya zauna da waliyyinta, a gaisa, a nemi iri. Aikin saƙonka guda ɗaya ne, wato ka tambaye ta, ita kaɗai, ko ta yarda ka turo. Wanda ya riƙe wannan zai ga saƙonsa ya gajarta kuma ya fito sarai. Wanda ya manta shi ne ke cika minti goma sha biyu da kalaman soyayya, yarinya ta gama ji ba ta san abin da ake so ta amsa ba.

Me zai sa a zaɓi saƙon murya a bar kiran waya? Kira zuwa nesa yana yankewa, kuma yakan yanke ne a daidai inda bai kamata ba. Sannan kira yana tilasta mata amsa nan take, ga kunya, ga ƙawaye a ɗaki. Rubutu kuwa ba ya ɗauke da murya, ba za ta gane ko da gaske kake ko wasa ba. Saƙon murya yana ba ta muryarka, ya kuma bar mata lokacinta.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Saurayi ne ma'aikaci da ke zaune a Unguwar Dosa, budurwar tana karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya, saura mata wata takwas, iyayenta kuma suna Tudun Wada. Sun san juna ido da ido kafin ta tafi. Da namiji ake magana a nan don shi ya fi yin wannan, amma mace mai son fara maganar za ta iya bin matakan yadda suke.

Abubuwan da za ka tanada

- Waya mai WhatsApp, da caji aƙalla rabi, da data ko da kaɗan ce. Saƙon minti biyu ba ya cin ko megabait ɗaya.
- Takarda da biro. Kada ka rubuta a cikin wayar da za ka ɗauki muryar da ita, domin fita daga manhaja zuwa wata yakan katse ɗauka.
- Ɗaki mai labule, katifa ko darduma, wanda za ka iya rufewa na rabin awa.
- Ruwan ɗumi kofi ɗaya, musamman lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro.
- Sanin bambancin lokaci tsakaninku, da sanin ranakun da ba ta da aiki ko lacca.
- Amsoshin tambayoyi huɗu da za a zo kansu a mataki na biyu. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci.

1. Tabbatar cewa hanya a buɗe take

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san matsayinta. Idan an riga an yi mata baiko, ko an karɓi gaisuwar wani, ka dakata, domin Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi nema a kan neman ɗan'uwansa. Nisa yana ɓoye irin wannan labari. Yarinya na can tana karatu, a gida kuwa an riga an yi wa wani ɗan dangi alkawari, wani lokaci ita kanta ba ta ɗauki maganar da nauyi ba. Tambaya mai sauƙi a cikin hira, kwanaki kafin saƙon, ta isa: "A gida akwai wanda aka tsayar miki?"

Idan bazawara ce, ka san ko ta gama idda. Wadda mijinta ya rasu tana takaba wata 4 da kwana 10, mai ciki sai ta haihu, kuma aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta yarda da shaguɓe ne kawai a lokacin takaba, ba fitowa fili ba. Wadda ke iddar saki na kome kuwa har yanzu matar wani ce, ko shaguɓen babu. Saƙon murya magana ce a fili, kuma mai zama a waya.

Idan ba ku taɓa haɗuwa ba, a intanet kawai kuka san juna, kada ka fara da wannan saƙon. Ka fara da sanin gidansu ta bakin wani da ka yarda da shi. Haka nan ka sanar da mutum ɗaya a gidanku tukuna, mahaifiya ko yaya ko kawu. Babban abin kunya ne yarinya ta ce ta yarda, ta faɗa wa mahaifiyarta, sannan a gano cewa a gidanku ba wanda ya taɓa jin sunanta. Yi istihara a wannan matakin, ba bayan ka tura ba.

2. Amsa tambayoyi huɗu a takarda

Mace mai nisa ba "ina son ki" take jira ba, ta riga ta ji wannan. Abin da ke hana ta barci shi ne yadda rayuwar za ta kasance. Rubuta amsar waɗannan, kowace a layi ɗaya ko biyu.

A ina za ku zauna? A misalinmu, Kaduna, a gidan haya mai ɗaki biyu da zai kama, ba a cikin gidansu ba. Idan a gidan gado za ku zauna da mahaifiyarka, ka faɗa yanzu.

Yaya karatunta ko aikinta? Ya yarda ta ƙarasa wata takwas ɗin, kuma ya yarda ta yi aiki bayan aure. Idan ba ka yarda ba, ko ba ka yanke ba, kada ka yi shiru a kai don kada ta ƙi. Maganar da aka ɓoye a nan ita ce ke dawowa bayan an kai lefe.

Yaushe? Ba ranar ɗaurin aure ake nufi ba, wannan ta manya ce. Ana nufin lokacin da magabatanka za su iya zuwa, misali bayan Ƙaramar Salla, da kusan lokacin da kake ganin za ka shirya.

Me ya kamata ta sani game da kai wanda ba ta sani ba? Idan kana da mata, ko ka taɓa aure, ko kana da 'ya'ya, wajibi ne ya shiga saƙon, a farkonsa ma. Nau'in jini, wato genotype, ma a nan yake. Idan kai AS ne, ita ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na haifar ɗa mai sikila. Je ka yi gwajin a asibiti kafin ka tura saƙon, ka faɗi naka, ka bar ta ta faɗi nata. An fi jure rabuwa kafin manya su shigo.

Sadaki, lefe da kuɗin gaisuwa kuwa ba su da wuri a wannan saƙon. Wannan zancen waliyyai ne, kuma duk adadin da ka ambata da bakinka zai zama bashi a kanka.

3. Tsara maganar

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Tsawon da ya dace minti ɗaya da rabi zuwa minti biyu da rabi ne, wato kalmomi kusan 200 zuwa 280 idan kana magana a natse. Dalilin shi ne za ta saurare shi sau da yawa, ƙila sau goma, kuma mai yiwuwa ta kunna wa yayarta ko mahaifiyarta. Saƙon da ya kai minti bakwai yana sa mutum ya danna 1.5x ko 2x, sai muryarka ta koma kamar ta mai tallan magani a Kasuwar Barci.

Gaɓoɓin guda biyar ne, a wannan jerin: sallama da sunanta, sanarwa cewa magana ce mai nauyi, dalili ɗaya ko biyu da suka sa ita ka zaɓa, shirin da ka rubuta a mataki na biyu, tambayar kanta, tare da ba ta lokaci.

Gaɓa ta uku ce mutane suka fi ɓatawa. Kalaman da ake kwafowa daga intanet, irin su "ke ce hasken idona" da "ba zan rayu ba sai da ke", ta gan su a wayoyin ƙawayenta. Ka nemo abu ɗaya da ya faru tsakaninku wanda ba wanda ya sani sai ku. Ga yadda saurayin misalinmu zai iya faɗa:

"Assalamu alaikum, wance. Ina fata kin tashi lafiya, ya karatu? Maganar da zan yi mai muhimmanci ce, idan akwai mutane kusa da ke ki bari sai kin keɓe. Yau shekara biyu ke nan da muka san juna. Lokacin da Umma ta kwanta asibiti bara, kina can da jarrabawa a gabanki, amma ba ranar da ba ki kira kin tambayi jikinta ba, har kika sa ƙanwarki ta kai mata kunu. Tun daga nan na san irin matar da nake so a gidana. Na yi istihara, na kuma yi magana da Umma da Kawu, sun sa albarka. Abin da nake da shi ke nan: aikina kin san shi, zan kama gida a nan Kaduna mu zauna mu biyu. Karatunki ki ƙarasa shi, ba zan ce ki dawo kafin ki gama ba, kuma aiki bayan aure ban hana ba. Na yi gwajin jini, ni AA ne. Ina son in aure ki. Kin yarda in turo magabatana wurin Abba bayan Ƙaramar Salla? Ba sai kin amsa yau ba. Ki yi istihara, ki yi shawara da wanda kika ga dama. Zan tuntuɓe ki Asabar mai zuwa idan ban ji daga gare ki ba. Duk abin da kika yanke, mutuncinki a wurina yana nan. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Lura da abubuwa uku a ciki. Kalmar "aure" ta fito da bakinsa, bai tsaya ga "ina son mu kai maganarmu gaba" ba, wanda kowa zai iya fassara shi yadda ya so. Tambayar guda ɗaya ce, ana iya amsa ta da i ko a'a. Sannan ya kira mahaifinta da sunan da ita take kiransa, Abba, bai ce "babanki" ba. Idan Baba take cewa, ko Baffa, ko Alhaji, ka bi bakinta.

Akwai ma'auni guda da za ka gwada kowace jimla da shi: idan mahaifinta ya ji wannan, zan iya haɗa ido da shi ranar gaisuwa? Duk jimlar da ta faɗi wannan gwaji, ka goge ta. Yabon jiki, tuna wata keɓewa, sukar wani manemi, duk su fita. Haka ma matsin lamba, irin "idan kika ƙi ban san halin da zan shiga ba". Wannan ba soyayya yake nunawa ba, ɗora mata nauyin da ba nata ba ne, kuma amincewar da aka samu da shi ba ta daɗewa.

Yi magana da harshen da kuka saba. Idan hirarku Hausa ce da ɗan Turanci irin ta 'yan Kaduna, kada ka rikiɗe ka koma mai karanta labarai a rediyo. Bayan ka rubuta cikakkiyar maganar, ka karanta ta da ƙarfi sau uku, sannan ka juya takardar ka rubuta kan gaɓoɓi biyar ɗin kawai, kalma biyu-biyu. Da wannan za ka ɗauka. Karatu daga takarda yana da sautinsa, murya takan miƙe ba hawa ba sauka, kuma kunne yana gane shi tun daga jimlar farko. Jimla ɗaya ce kawai za ka haddace kalma da kalma, ita ce tambayar.

4. Zaɓi rana da sa'a da agogonta

Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa 1. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Maleshiya da awa 7. Landan tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa 1.

Kana neman sa'ar da ta haɗa abu uku: wurinka shiru, ita ba ta da aiki, kai kuma kana farke bayan ta ji. A misalinmu, ƙarfe 11 na dare ranar Juma'a a Kaduna shi ne 6 na safiyar Asabar a Kuala Lumpur. Shiru ya samu, amma shi zai yi barci, idan ta so tambayarsa wani abu sai ta jira awa shida tana saƙe-saƙe. Ƙarfe 6 na safiyar Asabar, bayan ya dawo masallaci, shi ne 1 na rana a wurinta. Unguwa ba ta gama tashi ba, ba lacca, kuma yana farke duk sauran yininta. Wannan ya fi.

Kauce wa makon jarrabawa, ranar da take aikin dare, lokacin rasuwa ko rashin lafiya a gidansu, da kwana biyu-uku bayan kun yi saɓani. Neman aure da aka yi don a shafe faɗa yakan yi kama da ban haƙuri.

Kwana ɗaya kafin nan, ka rubuta mata gajeren saƙo: "Gobe da rana a wurinku zan turo miki saƙon murya mai muhimmanci. Alheri ne. Ki saurara ke kaɗai." Kalmar "alheri ne" kada ta faɗi, domin wanda ke nesa da gida, da ya ji "magana mai muhimmanci", mutuwa yake fara tunani.

5. Gyara wuri da waya

Kashe fanka, domin iskarta a makirfo tana zama guguwa. Idan janareton maƙwabta na ruri, ko injin markaɗe ya fara, ka jira ko ka canja wuri. Ɗaki mai tayil wanda ba kaya a ciki yana amsa kuwwa. Ɗakin kwana mai katifa da labule ya fi. Wanda ba shi da ɗakin kansa, mota ta fi kowane wuri: a ajiye ta inda ba hayaniya, a kashe inji, a ɗage gilasai. Idan babu mota, ofis kafin ma'aikata su iso, ko shagon aboki kafin a buɗe kasuwa, duk suna yi. Bakin titi irin Ahmadu Bello Way, ko inda Keke Napep ke lodi, ba wurin wannan ba ne komai saurin da kake yi. Duba agogo kuma kada kiran salla ya same ka a tsakiya.

Sa wayar a Airplane mode. Kira mai shigowa yana katse ɗauka, kuma WhatsApp yana ɗaukar murya ko babu sabis. Makirfon mafi yawan wayoyi a ƙasansu yake, don haka kada yatsa ko marfin waya ya toshe shi. Riƙe wayar kamar taki ɗaya daga bakinka, ka ɗan karkatar da ita gefe, don kada iskar haruffa irin "f" da "t" ta riƙa bugun makirfo. Iyafis mai waya yana taimakawa idan ba ya gogar riga. Na Bluetooth sau da yawa yana sa murya ta yi siriri kamar daga rijiya, sai ka gwada kafin ka dogara da shi.

6. Yi gwaji a inda ba zai tafi ba

Kada ka yi gwaji a cikin hirarku. Idan ka danne alamar makirfo ka saki yatsa, saƙon ya tafi ke nan, kuma rabin magana mai "ina son in..." da aka goge ta fi komai tayar da hankali. WhatsApp yana ba ka damar aika wa kanka saƙo. Nemi lambarka a jerin sunaye, za ka ga an rubuta (You) a gefenta. Nan za ka yi gwaji. Idan ba ka same ta ba, rikodar waya ta isa.

Ɗauka sau biyu ko uku, ka saurara da iyafis. Abin da kake nema: shin ana jin ƙarshen jimloli, ko muryarka tana nutsewa? Sauri ya yi yawa? Tsoro yana sa mutum gudu, musamman daidai tambayar. Maganinsa shi ne ka yi shiru na daƙiƙa biyu kafin "ina son in aure ki", da wasu biyu bayanta. Kada gwajin ya wuce sau huɗu. Daga na biyar murya takan bushe, maganar ta zama hadda. Ɗan rawar murya ko tuntuɓen harshe sau ɗaya ba aibi ba ne, yana ma nuna cewa da gaske kake. Abin da ke sa a sake ɗauka shi ne hayaniya, mantuwar wata gaɓa, ko tambayar da ba ta fito sarai ba.

7. Ɗauka ta gaske da turawa

Buɗe hirarku, ka duba sunan da hoton da ke sama sau biyu. Mutane da yawa suna da sunaye iri ɗaya a waya, kuma zauren dangi yakan zauna kusa da sunanta a jeri. Danne makirfo ka ja yatsa sama har ya kulle, sai ka saki. Yanzu kana iya magana hannu sake. Idan ka gama, danna alamar dakatawa, ka saurari abin da ka ɗauka tun daga farko. Bai yi ba, ga kwandon shara a gefe. Ya yi, ka cire Airplane mode, ka jira sabis ya dawo, ka yi bisimilla ka tura.

Tura shi guda ɗaya. Kada ka yanka shi gida huɗu, domin inda sabis ba shi da ƙarfi wani yanki zai iya sauka kafin wani, ko ta ji na farko ta amsa kafin ta kai ga tambayar.

Batun View once yana buƙatar tunani. Alamar 1 da ke fitowa bayan ka kulle ɗauka tana sa saƙon ya ɓace da zarar an saurare shi sau ɗaya, ba a iya tura shi gaba. Yana da kyau ga sirri, amma bai dace da wannan ba. Za ta ji shi cikin faɗuwar gaba, rabin maganar ba zai zauna mata ba, ba kuma damar maimaitawa. Kuma bai hana a ɗauke shi da wata wayar ba. Idan har kana tsoron ta yaɗa muryarka, matsalar ba ta manhaja ba ce, ka koma mataki na ɗaya. Haka nan ka duba ko Disappearing messages na kunne a hirarku. Idan an sa shi a awa 24, saƙon zai ɓace kafin ta gama shawara.

Sirrin da ya fi buƙatar kulawa na ɓangarenta ne. Idan tana amfani da waya ɗaya da wani, ko WhatsApp ɗinta a buɗe yake a kwamfutar ofis ta Linked devices, sanarwar da ka yi jiya ita ce kariyarka. Tana iya kara wayar a kunne bayan ta kunna, sautin zai bar lasifika ya koma na kunne.

Idan ka tura wa wanda ba ita ba, nan take ka danne saƙon ka zaɓi Delete for everyone, ba Delete for me ba. Damar tana nan kusan kwana biyu, amma ba ta goge abin da kunne ya riga ya ji. Magana zarar bunu ce.

Idan saƙon ya tsaya da alamar agogo, bai bar wayarka ba. Kada ka sake ɗaukar wani, ka nemi sabis ko ka jona da Wi-Fi. Maki ɗaya yana nufin ya tafi amma bai sauka a wayarta ba, biyu ya sauka. Makirfon da ke jikin saƙon yana komawa shuɗi idan ta kunna shi.

8. Jira, da yadda ake karanta amsa

Da makirfo ya yi shuɗi, ajiye wayar. Kada ka bi da "kin ji?", kada ka kira, kada ka sa wani abu a status da ke nuni gare ta. Ka ba ta mako ɗaya da bakinka, to ka cika. Idan ita ta yi maka magana a kan wani abu dabam a tsakani, ka amsa kamar kullum, ba tare da jawo zancen ba.

Hattara da wani kuskure da samari masu ɗan karatu ke yi. Hadisin da ya ce shirun budurwa izininta ne yana magana a kan lokacin da waliyyinta ya nemi yardarta, yana kallon fuskarta. Shirun WhatsApp ba shi ba ne. Yana iya zama kunya, ko ƙi, ko wayar ta lalace. Kada ka tura magabata a kan shiru.

Amsoshi sukan zo kala biyar. "Ka turo", ko "na faɗa wa Mama, ta ce ka turo", wannan i ce. "Sai abin da su Abba suka ce" mafi yawan lokaci i ce cikin kunya, amma ka tabbatar da tambaya ɗaya: "Ke a ranki kin yarda?" Idan tambayoyi ta jero, game da gida ko aiki ko uwargida, alama ce mai kyau, kuma nan ne za ku bar saƙon murya ku koma kira, domin wannan tattaunawa ce. "Ka ba ni lokaci" kuma sai ka tambayi nawa, ku tsayar da rana, wata ɗaya misali, ko bayan jarrabawa. Idan a'a ce, amsarka jimla biyu ce, godiya da addu'a. Kada ka nemi ƙawarta ta lallashe ta, kada kuma ka kunna wa abokanka amsarta.

Idan Asabar ta zo ba ka ji komai ba, rubutu ɗaya ya isa: "Salam. Ina tuna miki maganarmu, ko kina buƙatar ƙarin lokaci?" In wani mako ya sake wucewa shiru, ka ɗauke shi a matsayin a'a har sai ita ta ce ba haka ba.

9. Miƙa maganar ga manya

Idan ta yarda, kada ta kwana uku a waya. Ka tambaye ta abu uku: wane ne waliyyinta da za a je wurinsa, domin a gidaje da yawa uba yakan tura mutane wurin ƙaninsa ko yayansa, wa zai fara sanar da gidan, wanda yawanci ita ce ta bakin mahaifiyarta, da ranar da ta fi musu sauƙi. Iyalan Kirista masu jin Hausa a Kaduna su ma ta wurin iyaye ake bi, sai a haɗa da sanar da fasto.

A misalinmu, ita za ta kira mahaifiyarta ranar Lahadi, mahaifiyar ta sanar da Abba, shi kuma saurayin ya je wurin kawunsa da yammacin ranar da sunan gidan, unguwar da sunan waliyyin a rubuce. Rashin ta a gari ba ya hana gaisuwa ko sa rana, tunda ko tana nan ba ta zama a zauren. Abin da za ka roƙi kawunka shi ne kada a tsayar da ranar biki sai an duba takardar makarantarta, a san watan da za ta kare kundinta da ranar da za ta samu jirgin dawowa.